Darasi na 7: Duba Injin Ƙungiya da Sake Lissafin Darajarsa

Tsarin lissafi na SYSCOHADA, wanda ake bi a Nijar, ya wajabta ƙirga dukiya aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma ana rufe littafi ran 31 ga Disamba. Mu ɗauki misalin wata ƙungiyar mata a Damagaram mai injin niƙan gyaɗa.

Mai dubawa kada ya kasance shi ne mai riƙe da makullin ɗakin injin. Ya ɗauki rajistar kaya da faktir ɗin saye, ya je ya tsaya gaban injin da kansa. A jikinsa akwai ɗan allon ƙarfe mai lamba. Sau da yawa maiƙo da ƙura sun rufe shi, sai an goge da tsumma. A gwada lambar da ta cikin takarda. In sun saɓa, wataƙila an musanya injin da tsoho, ko na aro aka kawo don ranar bincike. Sannan a tayar da shi, a zuba gyaɗa tiya ɗaya a ga aikinsa. Injin da ya shekara a lulluɓe ba ya tashi, ba a barin darajarsa yadda take a littafi. Sai an ƙara rage ta zuwa abin da zai iya kawowa yanzu. In aka ce yana wurin gyara, a bi sawunsa har can.

Kafin a fita, a duba abin da ke ɗakin wanda babu shi a rajista. Wannan ne aka fi mantawa.

Yanzu lissafi. An sayi injin sefa 1,200,000. Kuɗin ɗauko shi da na kafa shi sun kai 300,000, kuma su ma cikin darajarsa suke shiga, jimla 1,500,000. Ƙungiya ta ƙiyasta zai yi shekara 5, ba ta kuma sa ran samun komai daga sayar da shi a ƙarshe. Ke nan yana raguwa da 300,000 a shekara, wato 25,000 a wata.

Ana fara ƙirga ragin daga ranar da ya fara aiki, 1 ga Afrilu 2022. Zuwa ƙarshen 2024 wata 33 ke nan: 9 a shekarar farko, 24 a biyun da suka biyo baya.

`25,000 × 33 = 825,000`

`1,500,000 − 825,000 = 675,000`

Amma littafin ƙungiya ya nuna 600,000. An samu giɓin 75,000. A raba shi da 25,000, sai a samu 3. Wato mai lissafi ya cire shekarar 2022 cikakkiya, har da Janairu, Fabrairu da Maris, lokacin da injin bai ko iso ba. Duk giɓin da ya rabu daidai da ragin wata, a fara zargin kwanan wata.

A rubuta abin da aka gano, mai dubawa da mai makulli su sa hannu, a miƙa wa mai lissafi ya gyara.

Aiki: nawa darajar injin za ta kasance ran 31 ga Disamba 2025?