Kurakurai wajen karanta nahawu daga matsalar magana bayan shanyewar ɓarin jiki

Ɗaliban likitanci a Jos kan haddace cewa a cikin ƙwaƙwalwa yankin Broca na furuci ne, yankin Wernicke kuma na fahimta. Sai su ga dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa hagun ƙwaƙwalwarsa yana cewa "kasuwa… Faringada… dankali", babu "na je", babu "zan saya", amma yana bin umarni. Nan take a rubuta cewa fahimtarsa lafiya lau. Wannan matsala, wato afeshiya, ba ta rabu gida biyu haka ba.

A 1976 masu bincike Caramazza da Zurif sun nuna cewa irin waɗannan majinyata kan jingina ne da ma'anar kalmomi. Ka ce "tuwon da yaro ya ci", kowa ya san tuwo ba ya cin yaro, ba a buƙatar nahawu. Amma ka ce "Baba, nuna mini direban da kwandasta ya mara", ka ajiye hotuna biyu, sai ya koma canki-canki, domin kowannensu zai iya marin ɗan'uwansa, ginin jimlar ne kaɗai ke faɗin mai marin. Gyaran ke nan, a gwada da jimlolin da za su iya juyawa. A kula da tarkon Hausa kuma: a "yaron da yarinya ta tura", kalmar "ta" ta riga ta tona asiri. Su biyun su zama jinsi ɗaya.

Wanda ya gano wannan kan zarce ya ce nahawun ya goge. Amma a 1983 mai bincike Linebarger da abokan aikinta sun karanta wa irin waɗannan majinyata jimloli masu kyau da gurɓatattu, suka riƙa tantance su daidai a mafi yawan lokuta. A Hausa kamar ka ce "Audu ta tafi" ne, majinyaci ya girgiza kai. Ilimin bai ɓace duka ba. Mai yiwuwa amfani da shi cikin hanzarin zance ne ya gagara. A ganina wannan ya fi cancanta a yi wa iyali bayaninsa, don su rage sauri, su gajarta jimla.

Sai kuma kuskuren nuna wuri ɗaya a ƙwaƙwalwa a ce nan nahawu yake zaune. Toshewar jijiyar jini tana lalata duk inda jijiyar ke shayarwa, ba ruwanta da iyakokin littafi. Majinyacin da likita Broca, wanda aka sa wa yankin sunansa, ya bayyana a 1861, Leborgne, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa da aka adana, sakamakon da ya fito a 2007 ya nuna ɓarnar ta nutsa har cikin zaruruwan da ke sada yankuna. Rauni a yankin Broca shi kaɗai sau da yawa matsalarsa kan yi sauƙi. Abin da rauni ke nunawa shi ne aikin na buƙatar wurin ko hanyar da ta ratsa shi.