Shawara ga masu aikin kansu: ku duba irin yarjejeniyar kafin sa hannu

'Yan uwa, yarjejeniyar ɗaukar ma'aikaci daban take da kwangilar aiki. A ta farko kai ma'aikaci ne: ana biyanka albashi, kana da hutun shekara, idan za a sallame ka sai an ba ka notis, kuma a wuraren da dokar fansho ta 2014 ta shafa, wanda ya ɗauke ka aiki zai zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashinka a asusun fanshonka, kai kuma kashi 8. A ta biyu kuwa kai mai zaman kanka ne. Kuɗin aikinka kawai za ka karɓa, haraji da fansho da jinya duk a wuyanka suke.

Ni ma na taɓa ƙonewa a nan Katsina. Wani kamfani ya ba ni kwangilar zane, amma aka ce kullum in zo ƙarfe takwas, da kwamfutarsu zan yi aiki, kuma kada in karɓi aikin kowa. Bayan wata tara aka ce an gama da ni, ba notis, ba ko sisi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Kotu ba sunan da aka rubuta a saman takarda kaɗai take dubawa ba. Tana duba wa ke tsara lokacin aiki, kayan aikin na wa ne, kuma ko kana iya tura wani a madadinka. Don haka in kwangila ce, ka sa a rubuta ranar biya, kuɗin kafin alƙalami, da abin da za a biya ka in an soke aikin a tsakiya. In rigima ta taso kan cewa kai ma'aikaci ne, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraro.