Kurakuran da aka fi yi wajen karanta agogon zamani: bugun zuciya, barci da taku

Duk yawan lambobin da ke fuskar agogon nan, galibi abu biyu yake gani a jikinka: haske da motsi. A bayansa akwai 'yar fitila koriya da take haska fata. Jini yana shanye koren haske, don haka duk lokacin da zuciya ta turo jini cikin jijiyoyin wuyan hannu, hasken da ke komawa agogo sai ya ragu, in jinin ya wuce ya ƙaru. Wannan hawa da saukar ne agogo yake ƙirgawa. A cikinsa kuma akwai wata ƙaramar na'ura mai jin motsin hannu. Daga waɗannan biyun ake fitar da kusan komai. Bugun zuciya awo ne, taku kintace ne mai kusa da gaskiya, matakan barci kuwa kintace ne a kan kintace. Mafi yawan kurakuranmu daga nan suke tasowa, domin allon yana jera lambobin uku da launi mai kyau iri ɗaya, sai mai agogo ya ba su yarda iri ɗaya.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi. Mutum ne mai shekara 45, yana zuwa aiki a kan acaɓa, da yamma yakan ɗan yi sassarfa a filin unguwa. Da safe ya duba agogo ya ga: jiya bugun zuciyarsa ya kai 168 lokacin sassarfa, barcinsa awa 6 da minti 40 amma mai zurfi minti 25 kawai, takunsa 11,200, bugun zuciyarsa na hutu kuma 74. Ya tsorata da 168, ya damu da minti 25, ya yi murna da 11,200, bai ko kalli 74 ba. A dukkan huɗun ya karanta a baibai.

Bugun zuciya

Wannan shi ne mafi inganci cikin ukun, musamman in kana zaune. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada na'urorin hannu bakwai a jikin mutum 60. Shida daga ciki sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Amma wajen ƙiyasta kuzarin da jiki ya ƙona, wadda ta fi kowacce kyau ta kauce da kashi 27, mafi muni da kashi 93. Saboda haka kada ka ƙara malmalar tuwo don agogo ya ce ka ƙona `500 kcal`.

Matsalar tana farawa ne in hannu ya shiga motsi. In madaurin ya yi sako-sako, agogo yana tsalle a kan fata da kowane taku, hasken waje yana kutsawa, sai ya riƙa ƙirga takun ƙafa a matsayin bugun zuciya. Mai sassarfa yakan yi taku 150 zuwa 180 a minti, wanda ya yi kama da bugun zuciyar mai gudu, shi ya sa agogo bai gane ya ɓata ba. Alamar ita ce lambar ta yi tsalle farat ɗaya, misali daga 125 zuwa 168, ta kafe a nan, alhali kana iya magana ba tare da haki ba. Mutumin namu, in muka bi ƙiyasin da aka saba na cire shekaru daga 220, iyakar bugunsa tana wajen 175. Wanda zuciyarsa ke 168 da gaske ba zai iya gaisawa da mutane cikin natsuwa ba. Gyaran ba wuya: matsar da agogo sama da ƙashin wuyan hannu kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, ƙara ɗaure shi lokacin motsa jiki har ya daina zamewa, goge gumi da ƙura daga bayansa. In kana shakka, tsaya ka ɗora yatsu biyu a jijiyar da ke ƙasan babban yatsa, ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Sinadarin da ke ba fata duhu shi ma yana shanye koren haske, don haka abin da ke komawa agogo daga baƙar fata ya fi rauni, kuma kowane sako-sako ko gumi ya fi yin tasiri. Zane mai duhu a fata yana tare hasken, saboda haka mai baƙin lalle a daidai wurin ta mayar da agogon ɗaya hannun. Sanyin hunturu ma yana rage jinin da ke zuwa fata, sai awon safiya ya riƙa yankewa. Agogon araha kuwa, irin wanda ba a san kamfaninsa ba, ka gwada shi kafin ka yarda da shi: duba lambar kana zaune, hau bene da sauri ko ka yi tsallen minti ɗaya, sake dubawa tare da ƙirgawa da yatsu. In yatsunka sun ce 120 shi kuma yana yawo tsakanin 70 da 80, lambar ƙirƙirarta yake yi. Awon hawan jini da na sukari da irin waɗannan agogo ke nunawa kada ka gina komai a kansu. A Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna sukarin jini ba tare da huda fata ba. Mai ciwon sukari da ya daidaita maganinsa da irin wannan lamba yana iya halaka kansa.

Lambar da mutuminmu ya tsallake, wato 74, ita ce mai magana. A littafi, bugun hutu na babban mutum tsakanin 60 ne da 100, don haka 74 ba ta tayar da hankali. Amma in ya buɗe manhajar agogon ya ga makonnin baya yana 61 zuwa 63, to ƙarin goma sha wani abu da ya tsaya kwana biyu ko uku yana nufin wani abu ya canza. Zazzaɓi yana ƙara bugun zuciya, wajen bugu 10 a kan kowane maki ɗaya na zafin jiki. Ƙarancin ruwa a jiki, rashin barci, shayi mai ƙarfi ko goro da dare, da ƙarancin jini duk suna iya ɗaga shi. Agogo ba zai faɗi wanne ba ne, amma ya nuna lokacin da ya kamata a auna zafin jiki, a sha ruwa, in da ciwon kai ko kasala a je a yi gwajin maleriya.

Barci

A asibiti, ana gane matakan barci ne da wayoyin da ake liƙawa a kai suna ɗaukar aikin ƙwaƙwalwa, da wasu a gefen ido da haɓa, a raba daren gida-gida na daƙiƙa 30. Agogo ba ya ganin ƙwaƙwalwa. Yana lura ne da hannun da ya daina motsi da yadda tazarar bugun zuciya ke sauyawa, sai ya kintata `Light`, `Deep` ko `REM`, wato barci mara nauyi, mai zurfi ko na mafarki. Wajen gane cewa ka yi barci yana ƙoƙari. Inda ya fi faɗuwa shi ne mutumin da ke kwance shiru idonsa biyu: yakan rubuta masa barci mara nauyi. Abin takaici, mai fama da rashin barci, wanda ya fi kowa buƙatar sahihin awo, shi ne agogo ya fi yi wa ƙari.

Minti 25 na barci mai zurfi ba hujjar damuwa ba ce. Ɗaura agogo biyu na kamfani daban-daban a dare ɗaya, kana iya samun 25 a ɗaya, awa guda da wani abu a ɗayan. Barci mai zurfi dama yana raguwa da shekaru, kuma mafi yawansa a farkon dare yake zuwa, yayin da barcin mafarki ya fi yawa gab da wayewar gari. Wannan yana da amfani ga mai tashi sallar asuba: in ya ga `REM` ɗinsa kaɗan ne, ya fara duba ko agogo ya haɗa barcin bayan asuba da na rana cikin lissafi, domin wasu suna rufe daren da tashin farko. Abin da ya cancanci kallo a shafin barci shi ne lokacin kwanciya, lokacin tashi da jimillar awanni cikin mako biyu. Ana so babban mutum ya samu aƙalla awa 7, don haka awa 6 da minti 40 ita ce ta fi minti 25 ɗin cancantar gyara, kuma gyaranta kwanciya da wuri ne. Wanda ya tashi garau sai makin barcin da agogo ya ba shi ya sa ya ji kamar bai huta ba, gara ya cire shi da dare na ɗan lokaci. Wanda kuma iyalinsa ke ce masa yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa na ɗaukewa, ko yana gyangyaɗi a kan tuƙi, ya ga likita ko da agogo na ba shi maki mai kyau kullum.

Taku

Agogo yana ƙirga lilon hannu ne, ba ƙafa ba. Girgizar acaɓa ko keke mai ƙafa uku a hanya mai ramuka, daka, wanki da shara duk suna iya shiga a matsayin taku. Akasin haka, mai tura baro, mai riƙe kaya a ka da hannun da agogon yake, ko tsohon da ke tafiya a hankali, sukan yi tafiyar da ba a rubuta musu ba. Mutuminmu ya duba lambar kafin ya hau acaɓa da bayan ya sauka. Abin da ya ƙaru shi ne zai riƙa cirewa daga 11,200 ɗinsa. Ya kuma yi taku 100 yana ƙirgawa da baki a fili mai laushi, ya ga ko agogo ya kusa. Ɗaura shi a hannun da ba ka cika aiki da shi ba, ka kuma gaya wa manhajar wane hannu ne.

Ita kanta 10,000 ba daga likitoci ta fito ba. Ta samo asali ne daga tallan wata na'urar ƙirga taku da aka sayar a Japan a 1965. Wani bincike na 2019 a kan mata tsofaffi a Amurka ya gano cewa masu taku kusan 4,400 a rana sun fi masu 2,700 ƙarancin mutuwa, kuma amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Mai yin 3,000 a rana ya fara da nufin 4,500, da agogo ɗaya a hannu ɗaya, yana kwatanta makon nan da na jiya.

In agogo ya aiko saƙon cewa bugunka ba ya tafiya daidai, kada ka firgita, kada kuma ka share: ɗauki hoton allon ka kai wa likita, shi zai tabbatar da na'urar ɗaukar hoton bugun zuciya. Amma ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, suma, ko mutuwar ɓarin jiki ba sa jiran agogo. Ba a yi shi don gane toshewar jijiyar zuciya ba, yana iya nuna 80 lafiya lau alhali mutum na cikin haɗari. A irin wannan hali a nufi asibiti nan take.