Kuskuren jan yatsa ya fi shirme haɗari

Jama'a, masu rubutu da jan yatsa a kibod, ku kula. Gboard, wato kibod ɗin Google na waya, hanyar da yatsanka ya bi yake dubawa, sai ya zaɓo kalmar da ta dace da ita daga ƙamusinsa. Shi ya sa ko ya kuskure, kalma ce ta gaske zai ba ka.

Jiya na tura wa yayata a Bukuru cewa "kuɗin ya fita", ashe "fiya" ya rubuta, don t da y maƙwabta ne a kibod. Wannan da sauƙi. Da suna ne ko wurin haɗuwa fa?

In waya ta danne a aljihu ta tura shirme irin "hjkkgf", kowa ya gani ya san kuskure ne. Kalmar gaske kuwa ido wucewa yake yi. Sunaye da adireshi ku danna su harafi-harafi, kuma ku sa Hausa a Languages na kibod ɗin.