Darasi: Yadda Ake Cire Maki Mafi Yawa da Mafi Ƙaranci Kafin a Fitar da Matsakaici

Kun riga kun san yadda ake fitar da matsakaici: a tara lambobi duka, a raba jimlar da yawansu. Wannan hanya tana da kyau, amma tana da rauni guda. Lamba ɗaya da ta yi nisa da sauran tana iya jan amsar zuwa wajenta. A wurin gasa, wannan yana nufin alƙali ɗaya zai iya ɓata hukuncin alƙalai huɗu.

Mu ɗauka an yi gasar muhawara a ajinmu. Alƙalai biyar ne, kowa yana ba da maki daga 0 zuwa 10. Ɗalibai biyu suka kai zagayen ƙarshe.

Ɗaliba ta farko ta samu: 8, 8, 9, 8, 2.
Ɗaliba ta biyu ta samu: 7, 6, 7, 7, 10.

Ku ɗauki fensir mu yi tare. Jimlar ta farko 35 ce, a raba da 5, an samu 7. Jimlar ta biyu 37 ce, a raba da 5, an samu 7.4. Ta biyu ke nan ta ci.

Yanzu ku sake duba makin da kyau, alƙali bayan alƙali. Na farko ya fifita ɗaliba ta farko, 8 da 7. Haka na biyu, haka na uku, haka na huɗu. Na biyar ne kaɗai ya saɓa, kuma da ya tashi saɓawa bai yi da wasa ba: ya ba ɗaya 2, ya ba ɗaya 10. Ko son kai ne, ko bai ji maganarta sosai ba, ko kuskuren rubutu ne, takarda ba za ta gaya mana ba. Abin da muka gani shi ne mutum ɗaya ya rinjayi huɗu. Ni dai raina ba ya kwanciya da irin wannan sakamako, kuma na tabbata da 'yarku ce ta farkon, ku ma naku ba zai kwanta ba.

Maganin da masu shirya gasa suka samo shi ne datsattsen matsakaici, wato a datse kai da wutsiya kafin a yi lissafi. Da farko a jera makin daga ƙarami zuwa babba. Kada a tsallake wannan mataki, domin ido yana yaudara idan lambobi suna warwatse. Na ɗaliba ta farko ya zama 2, 8, 8, 8, 9. Sai a ja layi a kan na farkon jeri da na ƙarshensa, wato 2 da 9. Saura 8, 8, 8. Jimla 24, a raba da 3, an samu 8.

Na ta biyu kuwa 6, 7, 7, 7, 10 ne. A soke 6 da 10, saura 7, 7, 7. Jimla 21, a raba da 3, an samu 7. Sakamako ya juya. Ta farko ce ta ci, da 8 a kan 7, kamar yadda alƙalai huɗu suka gani.

Ku lura da wani abu. Ɗaliba ta farko ma ta yi asarar 9 ɗinta, wanda alƙali ya ba ta tsakani da Allah. Haka ƙa'idar take: ba a tambayar wane ne mai gaskiya, ana cire ɗaya a sama da ɗaya a ƙasa ga kowane ɗan takara, ko makinsa da abin zargi ko babu. Shi ya sa dole a faɗi ƙa'idar kafin a fara gasa. Idan sai an ga maki sannan aka ce za a datse, wanda abin ya kayar zai ce don shi aka yi, kuma yana da hujja.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya soke lambobi biyu, amma ya raba da 5 kamar da. Sai 24 ta ba shi 4.8. Gane wannan ba wuya: matsakaici ba ya fita daga tsakanin ƙaramar lamba da babbar lambar da aka tara. Idan 8, 8, 8 ka tara, amsarka ba za ta zama 4.8 ba. Ƙirga lambobin da suka rage, da su za ka raba. Kuskure na biyu yana zuwa ne idan maki ya maimaitu. A jerin 6, 6, 7, 9, 9, shida guda ɗaya ake sokewa da tara guda ɗaya, ba duka biyun ba.

Da wannan tsari ake aiki a manyan wasannin duniya. A gasar Olamfik ta Salt Lake City a Amurka, a 2002, an yi rikici kan hukuncin wasan zamiya a kan ƙanƙara na 'yan bibbiyu, bayan an zargi wata alƙaliya daga Faransa da bin matsin lamba. Daga ƙarshe sai da aka ba 'yan Kanada lambar zinariya tare da 'yan Rasha. A 2004 hukumar wasan ta karɓi sabon tsarin maki, kuma a manyan gasanninta yanzu alƙalai tara ne, ana cire maki mafi yawa da mafi ƙaranci a fitar da matsakaicin bakwai.

To, amma datsewa tana da iyaka. Ku koma kan ɗalibarmu ta farko, ku ɗauka alƙalai biyu ne suka haɗa baki a kanta: 2, 2, 8, 8, 9. An soke 2 guda da 9, saura 2, 8, 8. Jimla 18, a raba da 3, an samu 6. Ɗayan 2 ɗin ya tsira, ya yi ɓarnarsa. Cire ɗaya a kowane gefe yana kare mutum daga alƙali ɗaya ne kawai. Idan ana son kariya daga biyu, sai a ƙara yawan alƙalai a cire bibbiyu. Haka ake yi a wasan tsalle a tsunduma ruwa na Olamfik, idan mutum ɗaya ne yake tsallen: alƙalai bakwai, a cire biyu na sama da biyu na ƙasa. Idan makin 6, 7, 7, 8, 8, 9, 10 ne, abin da zai rage 7, 8, 8. Su ba sa rabawa, tarawa suke yi su samu 23, sannan su ninka da lambar da ke nuna wahalar tsallen. Idan lambar 3 ce, ɗan wasa ya tashi da 69.

Kada kuma ku kai wannan hanya inda ba wurinta ba. Alƙalai biyar abu ɗaya suke aunawa, shi ya sa wanda ya yi nisa da sauran yake zama abin zargi. Kuɗin da kuka kashe a wata biyar ba haka yake ba. Watan da kuka biya kuɗin haya shi ne zai fi yawa, kuma da gaske kuɗin sun fita daga aljihu. Idan kun soke shi, lissafin gida zai nuna muku ƙasa da abin da kuke bukata.

Aikin yi

Fitar da matsakaici na yau da kullum, sannan datsattsen matsakaici, na kowane jeri:

1. 6, 9, 7, 3, 8
2. 9, 5, 9, 7, 5

A jeri ɗaya amsoshin biyu za su bambanta, a ɗayan za su zo daidai. Ku jera lambobin, ku dubi nisan na sama da na ƙasa daga tsakiya, ku bayyana wa na kusa da ku dalilin hakan.