Yadda ake rubuta gajeren labarin ɗalibar da ta kwana farautar kuskure a furojet ɗinta

Yawancin labaran da masu koyon rubutu ke kawo mini a kan wannan jigo wuri ɗaya suke faɗuwa. Yarinya na zaune gaban kwamfuta tana kuka, an ɗauke wuta, can da asuba sai a ce "kwatsam ta gano matsalar". Wace matsala? Shi kansa marubucin bai sani ba. Don haka kafin ka zaɓa wa yarinyar suna, zaɓi kuskuren da za ta nema.

Kuskuren ya zama na gaske, kuma wanda bai taɓa rubuta manhaja ba zai iya ganin alamarsa. Ga wanda nake ba masu koyo. Ɗaliba ta haɗa manhajar rajistar 'yan firamare da harshen rubuta manhaja na PHP da rumbun bayanai na MySQL, gobe ƙarfe 9 za ta kare aikin. Duk gwajin da ta yi a baya da Ali da Musa ta yi shi, lafiya lau. Daren nan ta shigar da sunaye 50, kowanne shafin ya ce an yi rajista, amma da ta buɗe jerin sai ta ƙirga 47. Mai karatu ya iya ƙirga, ka riga ka kama shi.

Kai marubuci dole ka san dalilin tun kafin jimlar farko. Teburin da ke adana sunayen an gina shi da tsarin haruffa na latin1, wanda ba ya ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ. Duk sunan da ya zo da harafi mai lanƙwasa sai rumbun bayanan ya ƙi karɓa, ita kuwa manhajar tata ba ta duba amsar da rumbun ya bayar, tana buga "an yi rajista" ko ya karɓa ko bai karɓa ba. Waɗanda suka ɓata su ne Ɗanladi da Ɗahiru da Ƙasimu.

A nan aikin yake. Kada ka jera sunayen uku wuri ɗaya da wuri, in ba haka ba mai karatu zai riga ta ganewa, ta koma sakarai a idonsa. Ka sako su ɗaiɗai. Wajen sha ɗaya na dare ta lura babu Ɗanladi, ta zaci ta tsallake shi ne, ta sake shigarwa, bai fito ba. Sai ta zargi lambar rajista, ko ta yi karo da ta wani yaro. Ta kashe awa guda a kan haka, ta tarar lambobin duk daban suke. Zato biyu na kuskure sun isa, na uku gajiyar da mutane yake yi. Amma kowane zato ya zama mai hankali, ta gwada shi a gaban mai karatu, ya ga yadda ya rushe.

Ganowar kuma ta fito daga abin da hannunta ya yi. Ni na fi son ta ɗauki biro ta rubuta sunayen da suka ɓata a takarda, tana lanƙwasa kan Ɗ na biyu sai hannun ya tsaya. Kada wani saurayi gwanin kwamfuta ya bugo waya ya ceto ta, wannan ba na karɓarsa. Daga nan ta sa manhajar ta nuna `$conn->error`, allon ya fito da saƙon da ya fara da `Incorrect string value`. Gyaran layi ɗaya ne, wanda zai mayar da teburin zuwa tsarin haruffa mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ:

```
ALTER TABLE dalibai CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4;
```

Kada abin da ke kan allo ya wuce waɗannan a labarin gaba ɗaya. In ba ka taɓa ganin saƙon da idonka ba, saya wa wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta katin data ya nuna maka a tasa, ya fi maka arha a kan ka ƙaga saƙon da 'yan fannin za su yi wa dariya.

Shi dare ba sai ka yi ta ambaton agogo ba. Cajin kwamfuta yana sauka daga 80 zuwa 12, abokiyar ɗakinta ta juya ta ce, "Ke Hauwa, don Allah rage hasken nan," shayi ya huce a kofi. Mutum biyu sun ishi labarin. Ka tsaya a lokacin da ta sake shigar da ukun ta ƙirga 50, ba sai ka bi ta zauren kare aiki ba. Ka karanta wa wanda bai san kwamfuta ba, in ya iya gaya maka dalilin ɓatan Ɗanladi, ka miƙa wa edita.