Ku ƙara girman takardar jarrabawa, kada ku sauƙaƙa tambaya

Malamai ƴan uwana na Maradi, in kuna da ɗalibi mai raunin gani, ba sai kun sake rubuta jarrabawa ba.

Ku kai takardar wurin mai fotokofi, ku ce ya mai da A4 zuwa A3, wato 141%. Rubutu mai lamba 12 zai koma kusan 17. Tambayoyin na nan yadda suke, makin ma haka.

Sai ku ƙara wa ɗalibin kashi ɗaya cikin uku na lokaci: jarrabawar minti 60 ta zama 80. Idonsa ne ke tafiya a hankali, fahimtarsa lafiya lau take.

Amma ku gwada a aji tukuna. Yaron da ke gani ta tsakiyar ido kaɗai, babbar takarda ɓatar da shi take yi, za ku ga yana ta juya kai yana neman farkon layi. Makaho kuwa sai rubutun makafi.

Mai rikita haruffa, girma kaɗai bai ishe shi ba. Ku karanta masa tambayar lissafi da murya ɗaya, ba bayani, ba jaddada wata kalma. In karatun kansa ake aunawa, kada ku karanta masa.